Hoton Talla Na AI: Kyau Bai Isa Ba Idan Bakin Cajin Ƙarya Ne

Duk mai bibiyar sitatus ɗin masu sayar da waya a WhatsApp ko shafukansu na Instagram ya lura cewa hotuna sun canza. Da can hoton waya ne a kan gilashin kanta, da inuwar mai ɗauka a jikin sikirin, da ledar caja a gefe. Yanzu waya ce tsaye a kan farin dutse, tana walƙiya, iyafod na gefenta kamar an ciro su daga tallar kamfani. Da yawa daga cikin waɗannan hotuna ba kyamara ce ta ɗauke su ba. An rubuta wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, umarni ne, ita kuma ta zana.

Babu laifi mai shago ya so kayansa su yi kyau. Matsalar ita ce hoton waya ba kamar hoton faɗuwar rana ba ne, wanda ko ya sauya kaɗan babu wanda ya yi asara. Hoton waya alkawari ne. Wanda yake Gusau ya ga hoto, ya tura kuɗi zuwa Kano, aka sako masa waya a mota, abin da ya gani shi ya saya. Idan hoton ya nuna bakin cajin da wayar ba ta da shi, ko ya ɓoye kwarzanen da ke bayanta, mai shago ya yi ƙarya ko da bai yi niyya ba.

Don haka ya kamata a raba aikin gida biyu. Siffar waya, wato tsawonta da faɗinta da ramukanta da kyamarorinta, ba abin da za a bar wa manhaja ta ƙirƙira ba ne. Dole su fito daga ainihin wayar da ke cikin kanta. Abin da ya dace a roƙi manhaja shi ne haske, da wurin da aka ajiye wayar, da share maiƙon hannu. Mai shagon da ya haɗa waɗannan biyun ya miƙa wa manhaja duka, zai samu hoto mai kyau na wayar da ba a taɓa ƙerawa ba.

Dalilin da ya sa manhaja ke kuskure

Manhajojin zana hoto irin su Midjourney da Stable Diffusion, da waɗanda ke cikin ChatGPT da Gemini, ba su da ma'ajiyar zanen injiniyoyi na kowace waya. Sun koyi zane ne daga ɗimbin hotuna da bayanan da aka rubuta a kansu. Idan aka rubuta musu sunan waya, abin da suke fitarwa shi ne abin da ya fi kama da hotunan da aka saba laƙaba wa wannan suna. A cikin waɗancan hotuna kuwa akwai na tsohon samfuri, da na hasashe da mutane suka zana kafin wayar ta fito, da na jabu. Duk sun gauraya.

Shi ya sa manyan siffofi ke fitowa daidai, ƙanana kuma su lalace. Daga nesa waya ce sak. Da an matso sai a ga maɓallin ƙara sauti ya koma wani gefe, ko ramukan sifika ba su daidaita ba, ko an ƙara wa waya mai kyamara biyu ta uku. Kuma wayoyin da suka fi tafiya a kasuwannin arewa, irin su Tecno da Infinix da itel, samfuransu na da yawa kuma suna kama da juna, don haka manhaja ta fi saurin cakuɗa su.

A ɗauki misalin wani mai shago a Farm Centre da ke Kano. Yana da iPhone 15 tokumbo, baƙa, mai ɗan kwarzane a kusurwar ƙasa, kuma yana son haɗa ta a talla ɗaya da AirPods Pro na biyu. Ya buɗe manhaja ya rubuta sunayen kayan biyu, ya ce a ɗora su a kan tebur mai kyau. Hoton ya fito cikin daƙiƙu, ya burge shi. Abubuwa huɗu ne ya kamata ya duba kafin ya ɗora, kuma kowannensu yana da hanyar gane shi.

Tsawo da faɗi: lissafi ne, ba ido ba

Ido yana yaudara wajen girma, amma lamba ba ta yi. Tsawon iPhone 15 milimita 147.6 ne, faɗinta 71.6, kaurinta 7.8. Idan aka raba tsawon da faɗin za a samu 2.06, wato tsawon ya ninka faɗin sau biyu da ɗan ɗori. Wannan lamba guda ita ce ma'aunin. Idan wayar tana fuskantar mai kallo kai tsaye, kuma faɗinta a cikin hoton fiksel 500 ne, to tsawonta ya kamata ya kai kusan 1030. Idan aka auna aka samu 900, manhaja ta zana waya gajeruwa mai ƙiba irin ta shekarun baya. Ba sai da kwamfuta ba: ana iya ɗora rula a kan sikirin a auna da santimita, lissafin duk ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne idan aka haɗa kaya biyu a hoto ɗaya. Akwatin cajin AirPods Pro na biyu faɗinsa milimita 60.6 ne, tsayinsa 45.2. Ke nan bai kai faɗin wayar ba, kuma tsayinsa bai cika kashi ɗaya cikin uku na tsawonta ba. A hoton da faɗin waya yake fiksel 500, akwatin da ke jere da ita ya kamata ya zama kusan 420. Manhaja takan kumbura shi har ya yi daidai da wayar ko ya wuce ta, domin a hotunan da ta koya daga gare su yawanci akwatin shi kaɗai ne ya cika fili. Kwastoman da bai taɓa riƙe shi ba zai yi zaton babban abu ne.

Mutane da yawa suna zaton idan suka sa lambar girman hoto sun gyara wannan matsala. A Midjourney, rubuta `--ar 4:5` yana saita fasalin filin hoton ne gaba ɗaya, wanda ya dace da Instagram, kamar yadda `--ar 9:16` ya dace da sitatus. Bai ce komai game da wayar da ke cikin filin ba. Rubuta milimitocin wayar a cikin umarni ma ba ya bada tabbas, saboda manhaja ba ta aunawa. Abin da ya fi taimakawa shi ne kwatanta abu da abu: a ce akwatin bai kai faɗin wayar ba. Ko da hakan, sai an auna bayan hoton ya fito.

Akwai kuma batun kusurwa. Wannan lissafi yana aiki ne kawai idan wayar ta fuskanci mai kallo. Da an karkata ta, gefen da ke kusa zai yi girma, na nesa ya ƙanƙance. Saboda haka babban hoton talla gara ya zama na gaba-da-gaba, wanda za a iya tantancewa. Hotunan karkace su zo daga baya a matsayin ado.

Bakin caji da sauran ramuka

A nan ne kuskure ke zama asarar kuɗi. A 2023, da fitowar iPhone 15, Apple ya bar bakin caji na Lightning ya koma USB-C. Daga iPhone 5 zuwa iPhone 14, sama da shekara goma, Lightning ne. Ke nan mafi yawan hotunan ƙasan iPhone da ke yawo a intanet na tsohon baki ne, kuma ba abin mamaki ba ne manhaja ta zana shi a jikin sabuwar waya.

Bambancin yana ganuwa idan aka san inda za a duba. Ramin USB-C dogo ne mai zagayayyun gefuna, kuma akwai wani siririn harshe a tsakiyarsa. Ramin Lightning ya fi shi ƙanƙanta kaɗan, kuma cikinsa fayau ne babu harshe. Micro-USB, wanda har yanzu ake samu a wasu ƙananan wayoyi da tsofaffin iyafis, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, shi ya sa ba ya shiga sai ta fuska ɗaya. Faɗin ramin USB-C ya ɗan haura milimita takwas, wato kusan kashi ɗaya cikin takwas zuwa tara na faɗin iPhone 15. Idan ramin da ke hoto ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan wayar, zane ne na ƙarya.

Lamarin AirPods ɗin mai shagon ya fi wannan sarƙaƙiya. AirPods Pro na biyu ya fito a 2022 da akwati mai Lightning, sannan a 2023 aka fitar da mai USB-C, kuma daga gaba kusan ba a bambance su. Idan wanda ke kanta mai Lightning ne, hoton kuma ya nuna USB-C, kwastoma zai ɗauka waya ɗaya ta caji za ta yi masa aikin duka biyun. Sai kaya sun isa gida ya ga ba haka ba. Sunan samfurin da aka rubuta a umarni daidai ne, amma bai isa ya raba gardama ba. Juya akwatin a duba ƙasansa ne kawai zai raba.

Haka batun sim yake. Tun daga iPhone 14, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da wajen sa sim kwata-kwata, da eSIM kaɗai suke aiki. Waɗanda aka yi wa wasu ƙasashe kuwa suna da shi a gefen hagu. Mai sayen tokumbo a Najeriya yana tambayar wannan kafin ya tambayi launi, kuma yana shafar farashi. Hoton da ya zana tiren sim a jikin wayar da ba ta da shi ya amsa tambayar da ƙarya. Ga masu sayar da Android kuma, ramin iyafis na milimita 3.5 ne ke taka wannan rawa: yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi suna da shi, manyan kuma da dama sun daina, manhaja kuwa tana iya ƙara shi ko ta shafe shi yadda ta ga dama.

Ra'ayi mai tsauri a nan shi ne, hoton da ke nuna ƙasan waya ko gefenta bai kamata ya fito daga AI ba sam. A ɗauke shi da kyamara, a ɗora shi yadda yake a matsayin hoto na biyu ko na uku. Wannan ne hoton da kwastoma mai wayo ke buɗewa ya yi zum.

Hasken sikirin

Manhaja tana son ƙawata sikirin da haske. Da an ambaci walƙiya sai ta zagaye wayar da shuɗin haske kamar fitilar ado, har yana fitowa ta bayanta. Babu wayar da ke yin haka. Sikirin yana fitar da haske ta gabansa ne kawai. Wayar da ke kwance tana kallon sama haskenta sama yake tafiya, ba ya haska teburin da take kai. Wayar da ke tsaye ko jingine ce ke zuba ɗan haske a kan teburin da ke gabanta, kuma hasken yana raguwa da sauri yayin da yake nisa.

Launin hasken ma dole ya bi abin da ke kan sikirin. Idan hoton fuskar wayar ruwan lemo ne, abin da ke sauka a kan tebur da gefen akwatin iyafod ruwan lemo zai zama, ba shuɗi ba. Sannan ƙarfinsa ya danganta da hasken ɗakin. A wuri mai haske sosai, da ƙyar ake ganin hasken sikirin a jikin tebur. Sai a wuri mai duhu-duhu yake fitowa. Hoton da ya haɗa farin fili mai haske da waya mai haska ko'ina ya saɓa wa abin da ido ya saba gani, shi ya sa mutum ke jin wani abu bai yi daidai ba ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Akwai ɓangaren gaskiya a nan ma. Sikirin na AMOLED ko OLED, irin na iPhone 15, yana kashe fiksel ɗin da ke nuna baƙi, don haka baƙinsa wuluk ne. Na LCD kuwa yana da fitila a bayansa da ke kunne kullum, shi ya sa baƙinsa ke ɗan yin toka-toka a cikin duhu. Idan aka zana waya mai LCD da baƙi wuluk, ko aka sirantar da baƙin layin da ke zagaye da sikirin ɗinta, an ɗaga mata daraja zuwa ajin da ba nata ba. Wayoyi masu araha da yawa suna da kauri a ƙasan sikirin, kuma manhaja takan daidaita shi da sauran gefuna don ya yi kyau.

Abin da ke kan sikirin ɗin ma kada a bar wa manhaja. Duk da cewa ta samu ci gaba wajen rubuta manyan haruffa, ƙananan alamomin manhajoji da sunayensu har yanzu suna fitowa a karkace, wani lokaci ma da alamomin Android a kan iPhone. Hanya mafi sauƙi ita ce a kunna ainihin wayar da hoton fuska mai launi ɗaya ko biyu, a rage haskenta zuwa wajen rabi don kada ya ƙone a kyamara, sannan a ɗauka. A kan iPhone 15 kuma a tabbatar baƙin tsibirin nan na sama, Dynamic Island, yana nan a matsayin abu mai zaman kansa, bai koma tsohon yankan da ke manne da saman waya ba.

Shatin yatsa daban, kwarzane daban

Share shatin yatsa shi ne aikin da AI ya fi cancanta ya yi, domin maiƙon hannu ba ya cikin abin da ake sayarwa. Amma yadda ake roƙonsa yana da tarko. A wasu manhajoji, rubuta cewa kada a sa shatin yatsa yana iya jawo shi, saboda kalmar ta shiga cikin umarnin kuma manhajar ba ta cika kula da kalmar hani ba. Midjourney yana da `--no` don wannan, Stable Diffusion kuma yana da akwati na daban da ake zuba abubuwan da ba a so. Inda babu waɗannan, gara a faɗi abin da ake so: gilashi mai tsabta wanda aka goge yanzu.

Tarko na biyu shi ne wuce gona da iri. Idan aka nace a kan cewa waya ta zama babu aibi ko kaɗan, manhaja tana shafe duk wani ɗaukar ido, sai gilashi ya koma kamar roba. Abin da ke sa ido ya gane gilashi shi ne yadda yake maido da haske. Layi guda mai laushi na haske da ya bi gefen sikirin ya isa. Kuma dole a faɗi irin jikin wayar: bayan iPhone 15 gilashi ne mai dishi-dishi marar sheƙi, akwatin AirPods kuwa farar roba ce mai sheƙi. Idan ba a faɗa ba, duka biyun za su fito da sheƙi iri ɗaya.

Tarko na uku shi ne mafi muhimmanci. Manhaja ba ta bambance maiƙo da kwarzane. Idan aka ce ta tsabtace waya, za ta share shatin yatsa, ta share ƙura, ta kuma share kwarzanen nan na kusurwar ƙasa. Ma'aunin da ya kamata mai shago ya riƙe mai sauƙi ne: duk abin da tsumma zai iya gogewa, AI ma zai iya gogewa. Abin da tsumma ba zai goge ba, dole ya zauna a hoto. Wayar tokumbo da aka nuna ko kwarzane babu, alhali tana da shi, an sayar da ita ne a wani aji da ba nata ba. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yi wa mai saye bayanin kaya na ƙarya ko mai ruɗarwa, kuma ba ta ware wanda ya ce manhaja ce ta yi ba.

Gaskiyar magana ma, tsumman goge gilashi ya fi kowane umarni. Minti ɗaya na gogewa, da riƙe wayar ta gefuna wajen ajiye ta, yana rage aikin da za a roƙi manhaja. Duk abin da aka rage mata na gyara, an rage mata damar ɓata wani abu.

Yadda aikin ya kamata ya tafi

Mai shagon Farm Centre zai fara ne da goge wayar da akwatin. Ya ajiye su a kan farar takarda kusa da ƙofa ko taga inda haske ke shigowa, ba cikin rana tsaka ba, kuma ba tare da filashi ba, domin filashi yana fito da kowane ɗigon maiƙo. Sai ya ja baya kamar taku biyu ya yi amfani da zum na 2x. Dalili kuwa shi ne, idan kyamara ta matso sosai, ɓangaren da ya fi kusa da ita yana kumbura, fasalin wayar ya karkace tun kafin manhaja ta taɓa shi.

Daga nan sai ya ɗora wannan hoton a manhajar da ke karɓar hoto don gyara, ya rubuta umarni. Rubuta shi da Turanci ya fi bada sakamako, domin kalmomin ɗaukar hoto da manhajar ta koya yawancinsu da Turanci suke.

```
Edit this photo. Keep the phone and the earbud case exactly as they are:
same shape, size, cameras, buttons, screen and scratches.
Change only the background to plain light grey.
Soft light from the left, soft shadow under both items.
Glass freshly wiped clean, one soft reflection along the left edge.
Add no text, logo or glow.
```

Layi biyu na farko suna ɗaure hannun manhaja: kada ta taɓa siffa, girma, kyamarori, maɓallai, sikirin da kwarzane. Na uku ya ba ta aiki ɗaya tak, wato sauya bayan hoto zuwa toka mai haske. Na huɗu ya faɗi inda haske ke fitowa, don inuwar waya da ta akwati su faɗi gefe ɗaya. Na biyar ya nemi tsabta ta hanyar faɗin abin da ake so. Na ƙarshe ya hana ƙarin rubutu da tambari. Farashi da sunan shago gara a sa su daga baya da manhajar tsara hoto ta yau da kullum.

Ko da wannan umarni, aikin bai ƙare ba. Manhajoji da dama ba sa gyara hoto kamar yadda mai fenti ke taɓa wuri ɗaya. Suna sake zana shi ne gaba ɗaya, su yi ƙoƙarin ya yi kama da na asali. Don haka sai an jera hotunan biyu an kwatanta. A auna tsawo da faɗi a ga ko 2.06 na nan. A duba ko kyamarori biyun na baya suna nan a karkace, ɗaya sama ɗaya ƙasa, idan bayan wayar aka ɗauka. A duba ko robar kunne na nan a bakin kowane iyafod, domin ita ce ke raba Pro da wanda ba Pro ba. A nemi kwarzanen a inda yake. Idan abu ɗaya ya sauya, a koma kan hoton asali a sake, kada a ci gaba da gyara a kan gyara, domin kowane zagaye yana ƙara nesanta hoton daga ainihin wayar. Inda manhaja ke bari a shafa wurin da ake son ta taɓa kawai, a shafa bayan hoton a bar wayar. Wannan ya fi kowace kalma tsare siffa.

Masu cewa wahalar ta yi yawa

Akwai masu shago da za su ce kamfanoni ma ba ainihin hoto suke sawa a kwali ba, zane ne na kwamfuta. Haka ne. Amma zanen kamfani yana fitowa ne daga ma'aunin da aka ƙera wayar da shi, kowane rami yana inda yake. Zanen AI kuwa cinta ne. Ga mai sayar da sabuwar waya dal a kwali, hoton kamfanin da dila ya bayar ya fi na AI inganci, kuma ba ya buƙatar umarni.

Wasu za su ce kwastoma ba ya zum, kuma maƙwabcin shago yana ɗora hotuna goma kafin mai aunawa ya gama ɗaya. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, domin a sitatus hoto yana wucewa cikin daƙiƙu. Sai dai wanda ke wucewa ba shi ne mai saye ba. Mai shirin fitar da kuɗin da ya daɗe yana tarawa shi ne ke tsayawa ya buɗe hoto, ya tura wa abokinsa da ya san waya. Idan abokin ya ga ramin caji marar kan gado, ba zai ce manhaja ta yi kuskure ba. Zai ce wayar jabu ce, ko mai shagon ba shi da ita a hannu. A kasuwar da jabun iyafod suka yi yawa, hoton da ƙananan siffofinsa suka kauce yana kama da hoton jabu ko da kayan na gaske ne.

Cinikin waya daga nesa ya ginu ne a kan cewa gani ya kori ji. Idan hotunan shaguna suka zama abin da ba a yarda da shi, kowane kwastoma zai koma cewa sai an yi masa bidiyo, ko sai ya zo da kansa, kuma masu gaskiya za su biya kuɗin laifin da ba su yi ba. Mai saye yana da hakkin ya nemi hoton ƙasan waya da gefenta da aka ɗauka da kyamara kafin ya tura ko sisi. Mai shago kuma da ya ajiye wannan hoton tun kafin a tambaye shi, a gefen kyakkyawan hoton da AI ya gyara wa haske, ya rage wa kansa rigimar dawo da kaya.